Darasi: Lambobi huɗu da za mu duba duk ƙarshen wata idan ƙungiya ta shiga sana'ar jigilar kaya

Iyayenmu mata da yayyenmu, wannan darasi na ƙungiyoyin da suka wuce matakin adashi da ba juna rance ne, har suka haɗa kuɗi suka sayi abin ɗaukar kaya. A nan ƙasar Zuru abin da aka fi saya shi ne babur mai ƙafa uku na kaya, wanda wasu ke kira kurkura. Yana kwaso dawa da masara da waken suya da gyaɗa daga ƙauye zuwa kasuwa, ana biyan shi a kan kowane buhu. Daga ranar da kuka sayi kurkura kuka ɗauki direba, kun zama ƙaramin kamfanin jigila, ko da ba ku da ofis ba ku da allo a bakin ƙofa. Kuma kamfani yana bukatar zama na musamman sau ɗaya a wata, a duba lafiyarsa.

Matsalar ita ce me za a duba a wannan zaman. Na zauna da ƙungiyoyi da dama ranar lissafi, kuma kusan ko'ina tambaya ɗaya ake yi: "Nawa direba ya kawo wannan watan?" Idan kuɗin sun fi na watan jiya sai a yi guɗa, idan sun ragu sai a fara hararar direba. Wannan tambayar ba laifi ba ce, amma ba ta isa ba. Kuɗin da suka shigo labarin abin da ya riga ya faru ne. Ba su gaya muku dalili ba, ba su kuma gaya muku abin da za ku gyara ranar Litinin mai zuwa ba.

A ɗaya gefen kuma akwai kuskuren da ni kaina na yi lokacin da na fara wannan aiki, ina sabon fitowa daga makaranta da zumuɗi. Na zana wa wata ƙungiya takarda mai gida goma sha biyar: kilomita, adadin abokan ciniki, awannin jira a kasuwa, yawan buhuna na kowane irin hatsi, da sauransu. Wata na farko magatakardarsu ta cike rabi. Wata na biyu na tarar an naɗe ƙuli-ƙuli da takardar. Kuma gaskiya ce ta su, domin babu gida ko ɗaya a ciki da ya taɓa sa su canza wani abu.

Yadda ake gane lambar da ta cancanci a riƙa dubawa

Lambar da ake dubawa don sanin lafiyar sana'a, ma'auni ce, kamar mudu ko tiya a kasuwa. Kafin ku karɓi kowace lamba a matsayin ma'auninku, ku yi mata tambayoyi uku.

Ta farko: idan wannan lambar ta lalace, mun san abin da za mu yi? Idan amsar ita ce "sai dai mu yi haƙuri", to ku bar ta. Farashin litar fetur misali ne. Tun da aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ta ƙara hawa. Babu ƙungiyar da ke Dabai ko Rikoto ko Senchi da za ta iya sauko da shi. Amma yawan litar da kurkurarku ke sha a kowane sawu, wannan yana hannunku.

Ta biyu: za mu iya ƙirga ta da littafi da biro, ba tare da dogaro da bakin mutum ɗaya ba? Lambar da direba kaɗai ya sani, ba wanda zai iya tabbatarwa, rigima take haifarwa.

Ta uku: idan aka faɗe ta a taro, da Hausa ko da C'lela, tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta gane ko labari mai daɗi ne ko marar daɗi? Kuɗin kowa ne a cikin wannan kurkura, saboda haka ma'aunin ma na kowa ne.

Idan kuka tace da waɗannan tambayoyi, abin da zai rage ba zai wuce huɗu ko biyar ba. Ga ƙungiya mai kurkura ɗaya ko biyu, ni huɗu nake ba da shawara: kwanakin aiki, dawowa da kaya, man kowane sawu, da bashin da ke waje. Maimakon in bayyana su a iska, bari mu bi lissafin wata biyu mu gan su suna aiki.

Misalin wata biyu

Lambobin da ke tafe na koyo ne, na daidaita su don lissafi ya yi sauƙi. Ku sa naku farashin a madadinsu. A ce ƙungiya tana wani ƙauye mai nisan kilomita 15 daga garin Zuru. "Sawu ɗaya" a nan yana nufin zuwa da dawowa. An yarda kurkura za ta ɗauki buhu 6 a sawu, kowane buhu naira 1,000. Idan an samu kayan dawowa ana karɓar naira 3,000. Litar mai naira 1,000. An tsara aiki kwana 26 a wata.

A watan Nuwamba kurkura ta yi aiki kwana 24, sawu biyu a rana, sawu 48 ke nan. Buhuna sun kawo naira 288,000. An samu kayan dawowa sau 12, naira 36,000. Jimlar aikin watan naira 324,000. An sha mai lita 96, wato naira 96,000. Direba ya karɓi 60,000, tikitin tasha da ƙananan abubuwa 12,000, juyen baƙin mai da ɗan gyara 20,000. Abin da aka kashe ya kama 188,000, ya rage 136,000.

A watan Disamba jimlar aiki ta kai naira 344,000. Ta fi ta Nuwamba da dubu ashirin. Da a ce tambayar "nawa aka yi" kaɗai ake yi, da an tashi taro ana murna. To amma bari mu buɗe ciki.

Kwanakin aiki

A Disamba kurkura ta fita kwana 20 ne kacal cikin 26, ta yi sawu 40. Kwana shida tana ajiye, huɗu daga ciki a wurin bakanike: sifirin ya karye, taya ɗaya ta baya ta fashe. Gyara ya ci naira 55,000.

Wannan ma'auni shi ne mafi sauƙin ƙirgawa, domin duk unguwa ta san ranar da kurkura ba ta fita ba. Amma kada ku tsaya ga rubuta "20 cikin 26". Duk ranar da ba a fita ba, a rubuta dalili da kalma ɗaya: gyara, babu kaya, hanya, direba. Maganin kowanne daban ne. Idan "gyara" ce ta yi yawa, a duba lodi da yadda ake kula da inji. Idan "babu kaya" ce, aikin ku mata ne ku nemo ciniki, ba laifin direba ba ne. Idan "direba" ce, biki yau, suna gobe, to lokaci ya yi da za a samu wani amintacce mai karɓar shi. "Hanya" kuwa ta haɗa da ruwan da ya cika rafi da damina, da kuma ranar da aka ji labarin da ba daɗi aka ce kada kowa ya fita. Waɗanda ke bin hanyoyin Danko-Wasagu da Sakaba sun san abin da nake nufi. Irin wannan rana a rubuta ta, amma kada a taɓa lissafa ta a kan direba, don kada tsoron faɗan taro ya sa yaron mutane ya shiga hanyar da bai kamata ba.

To ta yaya kwanaki suka ragu amma kuɗi suka ƙaru? Buhunan Disamba sun kawo naira 320,000. Ku raba buhu 320 gida 40, za ku samu buhu 8 a kowane sawu maimakon 6. Direba ya ga kaya sun yi yawa da kaka, ya riƙa ƙara buhu biyu. Mai yiwuwa ma da kyakkyawar niyya ya yi, don ya faranta muku. Ƙarin buhu biyu sau 40 ya kawo naira 80,000. Yanzu ku lissafa abin da ya tafi. Gyara ya ƙaru da 35,000. Mai ya ƙaru da rabin lita a kowane sawu, 20,000 ke nan. Kwana huɗun da aka yi a gareji sawu takwas ne, da sun kawo 48,000, idan aka cire mansu 16,000 ya rage 32,000. Ku haɗa uku ɗin nan: 87,000. An samu dubu tamanin, an rasa dubu tamanin da bakwai, ga kuma wahalar da inji da kuloci suka sha wadda ba ta bayyana ba tukuna.

Shi ya sa ba na son a sa "yawan buhuna" cikin ma'aunai, balle a ce za a yi wa direba kyauta a kansa. Duk abin da kuka ce za ku yaba, shi mutum zai bi. Idan buhu kuka yaba, za a yi lodi har kurkura ta durƙusa.

Man kowane sawu

Wannan shi ne ma'aunin da ya fi jawo ɓacin rai, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ku ƙirga mai da lita, ba da naira ba. Idan kuka ce "wannan watan mai ya ci dubu ɗari, wancan dubu casa'in da shida", ba ku san ko farashi ne ya hau ko inji ne ya ƙara sha ba. Lita ba ta canzawa. Ku raba litar watan da yawan sawu. Nuwamba: lita 96 a sawu 48, lita 2 kowane sawu. Disamba: lita 100 a sawu 40, lita biyu da rabi. A kuɗi bambancin dubu huɗu ne kawai, ba wanda zai kula. A sawu kuwa, mai ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu.

Don lissafin ya yi daidai, a cika tanki taf ranar ɗaya ga wata, a sake cika shi taf ranar ƙarshe, a rubuta duk litar da aka zuba a tsakani har da ta ranar ƙarshen. Cikawar ranar farko ba ta cikin lissafin wannan watan. In da hali a sha mai a gidan mai ɗaya. Na 'yan bumburutu na bakin hanya yana fitar da mutum kunya idan mai ya yanke a daji, amma kwalba da galan ɗinsu ba kullum suke cika lita ba, wani lokaci ma akwai gauraye a ciki. Idan an saya a wurinsu a rubuta shi daban.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci. Idan mai ya hau, kada kalmar farko da za ta fito a bakin kowa ta zama "sata". Akwai abubuwa da yawa da ke sa inji shan mai: lodin da ya wuce kima, taya mai ƙarancin iska, birkin da ke kamawa, fulogin da ya mutu, kabreta da ta kwance, da filtar iska da ƙura ta toshe. Wannan ta ƙarshen ta fi yawa da hunturu, lokacin da hanyar ƙasa ke ta da ƙura kamar gari. A misalinmu, mun riga mun ga an ƙara lodi, kuma wannan kaɗai zai iya bayyana babban kaso na ƙarin.

Ga tsarin da za ku bi. Da farko a koma buhu 6, a kai kurkura wurin bakanike ya duba waɗancan abubuwa, ya wanke ko ya canza filta, a daidaita iskar taya. Bayan haka a auna mako ɗaya. Idan mai ya dawo kusa da lita 2, magana ta ƙare, ba a ɓata wa kowa suna ba. Idan bai dawo ba, sai wata daga cikinku, ko wanda kuka amince da shi, ya bi kurkura kwana biyu daga fita har ajiyewa, a cika tanki da safe a sake cikawa da yamma. Idan a kwanakin da aka bi ta mai ya sauko, a sauran kwanaki kuma ya hau, to ko dai ana yin sawun da ba a rubutawa, ko ana zuƙar mai. Sawun ɓoye ya fi yawa: wani ya tare direba da yamma ya ce kai mini itace ko bulo, kuɗin ya shiga aljihu. Idan agogon kilomita na kurkurar yana aiki, a rubuta lambarsa safe da yamma, zai nuna. A nan ne za a zauna da direba, da lamba a hannu ba da zargi ba.

Abu ɗaya kuma: raba mai da sawu yana aiki ne idan hanyoyin sun yi kusan tsawo ɗaya. Idan wata rana ana zuwa kasuwar Zuru, wata rana kuma ana miƙawa har Mahuta ko Ribah, to a ware sawun nesa a gidansa daban, in ba haka ba sawu biyu na nesa za su ɓata lissafin watan gaba ɗaya.

Dawowa da kaya

A Nuwamba an dawo da kaya sau 12 cikin 48, ɗaya cikin huɗu. A Disamba sau 8 cikin 40, ɗaya cikin biyar. Sauran duk kurkura ta dawo wayam, ta sha mai, ta ci taya, ba ta kawo ko sisi ba.

A ganina a nan ne kuɗi mafi sauƙi suke kwance. Dole kurkura ta dawo gida, ko da kaya ko babu, kuma an riga an biya direba. Idan kuka ɗaga sau 12 zuwa sau 24, kun ƙara naira 36,000 a wata, ƙarin man da za a sha ɗan kaɗan ne. Kayan kuwa suna nan: masu shago a ƙauye na bukatar gishiri da sabulu da sukari da katan-katan na lemo, masu gini na bukatar siminti da kwanon rufi, manoma na bukatar taki idan damina ta kusa. Kuma wannan ba aikin direba ba ne shi kaɗai. Ku ne kuka san wace ce za ta aurar da 'ya, wa ya fara gini, wane mai shago ne ke hawa acaba yana ɗauko kaya kaɗan-kaɗan da tsada. A ba mace ɗaya ko biyu aikin tattara saƙon dawowa tun da daddare, su ba direba kafin ya fita.

Bashin da ke waje

Ƙarshen Nuwamba ana bin mutane naira 30,000. Ƙarshen Disamba ya kai 90,000. An kai kaya, an rubuta a littafi a matsayin aiki, amma kuɗin ba su shigo ba. "Sai na sayar", "sai ranar kasuwa", "ai ni mijin 'yar ƙungiya ne".

Mu kammala lissafin Disamba mu ga inda wannan ya kai mu. Aiki 344,000. An kashe: mai 100,000, direba 60,000, tikiti 10,000, gyara 55,000, jimla 225,000. Ya rage 119,000. Daga nan akwai kuɗin da dole a ware, wanda yawancin ƙungiyoyi ke mantawa, wato kuɗin maye gurbin kurkura. Idan an saye ta naira 1,800,000 kuma ana sa ran za ta yi shekara uku kafin ta gaji, ku raba wannan gida 36, naira 50,000 ke nan duk wata. Wannan ba riba ba ce, jikin kurkura ne kuke ci a hankali. Kuma tunda farashin sabuwa yana hawa, a sake duba adadin sau ɗaya a shekara. Bayan an ware shi, Nuwamba ta bar 86,000, Disamba ta bar 69,000. Daga cikin 69,000 ɗin nan kuma, 60,000 sabon bashi ne da ke hannun mutane. Abin da ya shiga akwati da gaske naira 9,000 ne. Wannan shi ne watan da aka kusa yi wa guɗa.

Wajen ƙirga bashi, ku raba shi biyu: wanda bai kai kwana 30 ba, da wanda ya wuce. Na farko yawanci yana dawowa. Na biyu, kullum ya ƙara kwana yana ƙara nauyin tambaya, har a ji kunyar tuna wa mai shi. Lambar da za a karanta a taro ita ce ta wanda ya wuce kwana 30, kuma a yanke doka tun kafin a san wa za ta faɗa wa: wanda bashinsa ya wuce wata, ba a sake ɗaukar masa kaya sai ya biya, ko waye shi. Dokar da aka yi tun babu suna a kanta ta fi sauƙin zartarwa. Direba kuma kada ya ba da bashi da kansa, sai da izinin ma'ajiya.

Littafin da ke haifar da lambobin

Duk waɗannan lambobi huɗu daga littafi ɗaya suke fitowa, irin na 'yan makaranta. Kowane sawu layi ɗaya: kwanan wata, inda aka je, buhu nawa, an dawo da kaya ko a'a, an biya ko bashi da sunan mai shi, litar da aka zuba. Direba yana cikewa, da yamma ya kawo kuɗi da littafi ga ma'ajiya, ta ƙirga ta sa hannu ko ta dangwala. Kullum, ba ƙarshen mako ba. Abin da aka bari ya kwana uku, da ka ake cike shi, kuma ka yana ƙarya ba tare da niyya ba.

Inda mai karɓar kuɗin ba ta karatu, gwangwani biyu da ƙwayar wake sun wadatar. Duk sawu a jefa ƙwaya ɗaya a gwangwanin farko, duk dawowa da kaya a jefa ɗaya a na biyu. Ƙarshen wata a zube a tabarma a ƙirga gaban kowa, a gwada da littafin direba.

Ranar zaman

Kowace lamba ta samu uwa, wato mace ɗaya da za ta kawo ta ta kuma faɗi dalilinta. Kowace lamba kuma ta samu iyaka da aka yarda da ita tun farko. Ga misalinmu za a iya cewa: kwanakin aiki kada su gaza 23 cikin 26, mai kada ya wuce lita biyu da kwata a sawu, dawowa da kaya aƙalla ɗaya cikin uku, bashin da ya wuce wata kada ya haura naira 20,000. Kada ku kwafi iyakar wata ƙungiya. Ku fara rubutu wata uku tukuna ku ga yadda taku kurkurar take a kan taku hanyar, sannan ku sa iyaka.

A rubuta lambobin a allo ko babbar takarda, na wannan watan kusa da na watan jiya. Wadda take cikin iyaka a karanta a wuce, ba sai an yi jawabi ba. Wadda ta tsallake iyaka ita za a tsaya a kai, kuma ba a tashi sai an rubuta abu uku: me za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe. Zaman wata mai zuwa da wannan alkawarin ake buɗe shi. Rabin awa ya isa idan littafi ya cika.

Direba ya halarci wannan sashen na zaman. Shi ne ke kan hanya, ya san gadar da ta lalace da ɗan kasuwar da ke riƙe shi awa biyu kafin a sauke kaya. Na san sau da yawa direban ɗan wata ne a cikinku, ko ƙanin miji. Idan haka ne, mahaifiyarsa ko matar yayansa kada ta zama uwar lambar mai, kada kuma ta zama mai karɓar kuɗin yamma. Ba don an zarge ta ba, don a raba ta da shiga tsakani ne.

Ku kuma yi hattara da gwada watannin da ba su yi kama ba. Agusta da Nuwamba ba ɗaya ba ne a ƙasarmu: a ɗaya hanya ta jiƙe, rumbu ya yi ƙasa, a ɗayan kowa na neman mai kwashe masa amfanin gona. Idan kun cika shekara kuna rubutu, ku gwada Agustan bana da Agustan bara. Iyakar damina ma ta bambanta da ta kaka.

Lambobin nan huɗu ba dole su zauna har abada ba. Idan bashi ya yi wata shida bai tsallake iyaka ba, ku mayar da shi abin dubawa duk wata uku, ku sa wani a gurbinsa. Ƙungiyar da ta fara ɗaukar tumatir ko ƙwai, misali, tana bukatar ƙirga sau nawa kaya suka lalace ko suka isa bayan masu saye sun watse, domin a irin wannan kaya makara ɗaya na iya cinye ribar mako. Amma idan ɗaya ta shigo, ɗaya ta fita.

Aikin rukuni

Ku rabu uku-uku ko huɗu-huɗu. Ga lissafin watan Janairu na ƙungiyar misalinmu: an yi aiki kwana 25 cikin 26, sawu 50, buhu 6 kowane sawu, an dawo da kaya sau 20, an sha mai lita 130, bashin da ya wuce kwana 30 naira 15,000.

1. Lita nawa aka sha a kowane sawu? Wace lamba ce ta tsallake iyakar da muka sa a sama?

2. Tunda an koma buhu 6, lodi ba shi ne dalili ba. Wane lokaci ne na shekara, kuma me za ku fara sa bakanike ya duba?

3. Idan an gyara amma mai bai sauko ba, wa za ku tura ya bi kurkura, kuma da waɗanne kalmomi shugaba za ta sanar da direba?

Kowane rukuni ya zaɓi mace ɗaya ta faɗi amsarsa. Ƙungiyar da take da abin hawa nata ta zo da littafin direba zama mai zuwa, za mu fitar da lambobinta huɗu na watan da ya wuce tare.